Yadda wata tela ta koma ɗinka wa marasa lafiya kaya: nazarin lamari

Telar da zan ba da labarinta ta shekara da shekaru tana ɗinkin kayan sawa na yau da kullum, kuma hannunta na da kyau, amma matsalarta irin ta kowane tela ce, wani lokaci aiki ya yi mata yawa har ta rasa barci, wani lokaci kuma a yi makonni keke na rufe babu wanda ya leƙo. Da ta fara neman abin da zai cike mata wannan giɓin sai ta bi hanyar da kowa ke bi, ta ɗinka jakunkuna da rigunan filo da su rigunan girki ta ajiye. Ba su tafi ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk abin da girmansa ɗaya ne ga kowa to kamfani ya riga ya yi shi dubu dubu da arahar da tela mai keke ɗaya ba zai iya kamowa ba. Abin da tela ya fi kamfani da shi shi ne awo, wato ya kalli jikin mutum ɗaya ya yanka yadi daidai da shi, kuma jaka ba ta buƙatar wannan.

Aikin da ya canza mata hanya wata tsohuwar kwastoma ce ta kawo shi. Mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu, hannu da ƙafa, yana wuni a keken guragu, kuma ita ce mai jinyarsa. Ta zo da wandunansa guda biyu da riga ta ce a ƙara musu faɗi saboda saka masa kaya ya zama faɗa kullum safe, shi yana jin zafi a kafaɗa, ita kuma bayanta ya ƙage saboda ɗaga shi. Abin da ta nema kenan, a ƙara faɗi. Telar ta kusa karɓa ta yi haka nan, sai dai ta yi tambaya ɗaya, ta ce: "Anti, a daidai ina kayan suke tsaya miki idan kina saka wa Baba?" Matar ta kasa bayani da baki, sai ta ce ta zo gida ta gani.

A ganina wannan zuwan shi ne rabin aikin gaba ɗaya. Ta zauna ta kalli yadda ake cire masa kaya a saka wasu ba ta taɓa tef ba tukuna. Ta ga rigar ta kai ake zura ta, kuma sai an ɗaga hannun da ya mutu sama kafin ya shiga, nan ne yake yamutsa fuska, domin kafaɗar da ta shanye jijiyoyinta sun saki, jan ta yana iya gurɗa ta. Ta ga wandon kuma idan ya zauna bayan yana zamewa ƙasa har ƙugunsa ya fito, gaban kuma ya tattare ya yi tudu a cinya, ƙafar wandon ta ɗage ta bar idon sawu a waje. Da an ƙara faɗi kamar yadda aka nema da ba abin da zai gyaru a cikin waɗannan, ƙarin yadin ma tattarewa zai yi a ƙarƙashinsa ya zama wata damuwar.

Ta fara da wando. Duk wandon da muka koya yankawa na mutumin da ke tsaye ne, to shi kuwa Baba a zaune yake rayuwa, dole a auna shi a zaune a kan kekensa da matashin da yake zama a kai. Idan mutum ya zauna tsawon da ke tsakanin ƙugu da mazauni ta baya yana ƙaruwa, na gaba kuma yana raguwa, ɗuwawu da cinya suna bajewa. Sai ta auna ƙugu a zaune, ta auna faɗin mazauni a inda ya fi bajewa, ta auna daga ƙugu ta baya zuwa inda jikinsa ya taɓa kujera, sannan tsawon ƙafa ta bi da tef ta kan gwiwa a lanƙwashe har idon sawu. A kan takardar yanka ta ɗauki ɓangaren baya ta tsaga shi a kwance daidai layin ɗuwawu, daga ɗinkin tsakiya zuwa gefe amma ba ta raba shi ba, ta buɗe tsagar kamar inci 3 a tsakiya ta liƙa takarda a ciki, kun ga bayan ya ƙara tsawo amma gefen bai canza ba, zai haɗu da gaba daidai. A ɓangaren gaba ta yi akasin haka, ta ninke kamar inci 1 da rabi daga tsakiya ya mutu a gefe. Tsawon ƙafa ta ƙara inci 2. Idan ka ɗaga irin wannan wandon a hannu za ka ga kamar an yi kuskure, baya ya yi sama gaba ya nutse, har mai jinyar sai da ta ce anya kuwa, amma da aka saka masa ya zauna sai ƙugun ya kwanta a layi ɗaya zagaye.

Ba yadin mutane ta fara yankawa ba, wani tsohon zanin gado ta yi gwaji da shi da dogon ɗinki mai sauƙin warwarewa, ta kai aka gwada, ta sa alli a inda ya tattare, ta dawo ta gyara takarda. Duk wanda zai shiga irin wannan aikin ya saba da haka, domin jikin da ya karkace gefe ɗaya ba ya bin lissafin da muka haddace.

Sai maganar ɗinkin kansa, wanda shi ne wurin da tela zai iya cutar da mutum ba da saninsa ba. Mai lafiya idan kaurin ɗinki ko maɓalli ya danne shi zai ji ya gyara zama. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, sau da yawa ba ya ji, ko yana ji ba ya iya motsawa, sai abin ya yi awanni yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina zagayawa a wurin, daga nan gyambon kwanciya ke farawa, kuma gyambo ne mai wuyar warkewa. Wuraren da suka fi haɗari ga mai zama su ne ƙasusuwan mazauni guda biyu da ƙashin ƙarshen gadon baya, ga mai kwanciya ta gefe kuma ƙashin kwatangwalo. Shi ya sa ta cire aljihun baya gaba ɗaya, babu maɓalli babu ƙarfe babu lakabin yadi a bayan wandon, aljihu ta mayar da shi saman cinya inda hannun dama zai kai. Ɗinkin tsakiyar baya kuma ta kwantar da shi ta bi ta kai ta danne ya zama a shafe, ba ta bar bakin wibin a tsaye yana gogar fata ba.

Duk da haka wandon farko ya zo da matsala. Ta saka dogon zif a gefe biyu daga ƙugu zuwa gwiwa don a shimfiɗa wandon a gado a mirgina shi a kai a ja zif, ba sai an ɗaga shi ba, kuma dabarar ta yi aiki, sai dai zif ɗin ya faɗo daidai kan ƙashin kwatangwalo, kuma Baba yakan yi barcin rana a kan gefensa da wandon a jikinsa. Bayan 'yan kwanaki mai jinyar ta ga shatin haƙoran zif a fatarsa da ya ƙi ɓacewa da wuri. Allah ya sa telar ta riga ta ce mata ta riƙa duba fata duk lokacin da ta cire sabon kaya a makon farko. Alamar da ake dubawa ita ce wurin da launinsa ya canza kuma bai koma daidai ba bayan an ɗauke abin da ya danne shi, a farar fata ja yake yi, a baƙar fata kuwa yakan ƙara duhu ko ya yi sheƙi, ka taɓa ka ji ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. Idan aka ga haka a daina saka kayan nan take a nuna wa nas ko likita, ba aikin tela ba ne ya ce ba komai. Gyaran da ta yi shi ne ta matsar da layin zif ɗin gaba da kamar inci 2 ya bar kan ƙashi, ta sa zif na roba mai laushi maimakon na ƙarfe, sannan ta ɗinka wani ƙyalle a bayansa daga ciki ya shiga tsakanin haƙora da fata. Daga nan shatin bai sake dawowa ba.

Ƙugu ta yi shi da faffaɗar roba a baya, ba mai matsewa ba, tunda cikin mutum a zaune yana turowa kuma bayan cin abinci ya ƙara. Ta bar wuri a hantsa saboda famfas ɗin manya da yake sakawa da dare da lokacin fita, wannan kuwa sai da ta tambaya a keɓe, domin mutane ba sa faɗa da kansu, kuma idan ba ka lissafa shi ba wandon zai matse. Ta ɗinka madauki biyu a gefen ƙugu da ɗinki mai ƙarfi don a samu abin kamawa a ja wandon sama, amma ta ja kunnen mai jinyar cewa na jan wando ne, kada a ɗaga mutum da su, ba za su ɗauki nauyinsa ba kuma hantsar za ta ji masa ciwo.

Rigar ta fi sauƙi. Ƙa'idar da masu gashin ƙashi ke koya wa masu jinya ita ce hannun da ya shanye shi ake fara sakawa, wajen cirewa kuma shi ne na ƙarshe. To rigar da ake zurawa ta kai ba ta ba da damar haka da kyau, sai ta buɗe gaban tun daga wuya har ƙasa, ta zurfafa hammata da kamar inci 2, ta ƙara faɗin hannu, ta sa ninki a tsakiyar baya yadda rigar za ta buɗe idan ana zagayo da ita. Bayan rigar ta rage masa tsawo kaɗan don kada ya zauna a kai ya tattare. Wajen rufewa ta yi amfani da belkuro, wannan mannen mai gefe ɗaya ƙaya gefe ɗaya gashi, amma ba doguwar tsiri ɗaya ba, domin doguwa tana sa gaban riga ya sandare kuma da hannu ɗaya ba a iya daidaita ta. Guntaye ta yanka kamar inci 1 kowanne ta jera su a inda maɓallai za su kasance, gefen ƙaya yana kallon waje don ko ya goce kada ya karci fata, sannan ta ɗinka maɓallai na gaske a sama don ado. Duk wanda ya gan shi zai ce rigar maɓalli ce kamar ta kowa.

Wannan maɓallan adon kada a raina su. Baba da farko ya ƙi yarda a canza masa kaya sam, abin da ya ce wa 'yarsa shi ne ba zai sa kayan asibiti a gidansa baƙi suna shigowa ba. Sai da telar ta durƙusa ta gaishe shi ta ce: "Baba, wane launi kuke so, kuma wuyan irin na tsofaffin rigunanku za a yi ko a canza?" sannan ya sake. Ni dai na ɗauki wannan da muhimmanci sosai, wanda zai sa kayan shi ake tambaya ko da maganarsa ba ta fita sosai, ba a tsaya a kansa ana shawara da wani kamar ba ya wurin ba. Bayan wasu makonni ya iya rufe rigar da hannunsa na dama shi kaɗai.

Belkuro yana da nasa aibin, yana tara zare da gashin yadi a wanki har ya daina kamawa, kuma yana cin sauran kaya idan an haɗa su, saboda haka a manne shi kafin a wanke, kuma tela ya ɗinka shi yadda za a iya farkewa a canza ba tare da an lalata rigar ba. Akwai maɓallan maganaɗisu da suke haɗuwa da kansu, suna da daɗin aiki da hannu ɗaya, amma dole a tambaya ko an dasa wa mutum na'urar daidaita bugun zuciya, domin maganaɗisu a kusa da ƙirji yana iya rikita ta, shawarar da ake bayarwa ita ce a nisanta shi da aƙalla inci 6, kun ga gaban riga bai tsira ba. Yadi kuwa auduga mai laushi ta zaɓa mai shan gumi, ta wanke shi kafin ta yanka saboda waɗannan kaya kusan kullum ake wanke su, wani lokaci da ruwan zafi, idan bai gama shiga ba kafin yanka to duk awon da aka sha wahala a kai ya tafi.

Yanzu ta ɓangaren sana'a. Saitin farko ya ci mata lokaci kamar ninki huɗu na ɗinkin da ta saba idan aka haɗa zuwa gida da gwaji da gyara, kuma kuɗin ɗinki na kullum ta karɓa, wato a wannan aikin faɗuwa ta yi. Amma takardar yankan tana hannunta, kuma mutumin da ake canza wa kaya sau ɗaya ko biyu a rana ba ya isuwa da saiti ɗaya, sai ga matar ta dawo tana son ƙarin guda huɗu, waɗannan kuwa ba awo ba gwaji, ta shimfiɗa yadi ta yanka su tare ta ɗinka a jere, kowanne bai kai lokacin ɗinkin gayu ba tunda babu ado. A nan ribar take. Daga baya sai ta raba kuɗin gida biyu, na awo da fitar da takarda da gwaji daban ana biya sau ɗaya, na ɗinkin kowane saiti daban, kuma tana faɗa tun farko kafin ta taka ƙafa. Kowane kwastoma tana da katinsa, awo da ranar da aka yi shi, ɓangaren da ya shanye, ko yana da robar fitsari da ta wace ƙafa take bi don a bar mata ƙofa, da wanda ke saka masa kaya. Ranar awo tana da amfani saboda jikin mara lafiya ba ya tsayawa, wani ya rame wani ya kumbura, idan an yi 'yan watanni sai ta sake aunawa kafin ta yanka.

Kwastoma na biyu da na uku ba talla ce ta kawo su ba. Ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke zuwa yi wa Baba atisaye ita ta ga wandon ta tambayi wanda ya yi, kuma ita a mako tana shiga gidaje da yawa masu irin wannan matsalar. Telar ta ɗinka samfuri ƙarami na riga da wando ta ba ta tana nunawa. Hoton mara lafiya kuwa ba ta taɓa sakawa ko'ina ba, kayan kawai take ɗauka a shimfiɗe. Ta wannan hanyar ne wasu buƙatun suka ɓullo waɗanda ba ta taɓa tunani ba, mai zuwa wankin ƙoda da ke son hannun riga mai zif don a kai ga jijiya ba sai ya tuɓe yana jin sanyi ba, yaro mai filasta a ƙafa da wando ba ya wucewa, tsohuwa da yatsunta suka ƙage ba ta iya maɓalli. Duk ilimin ɗaya ne, inda za a buɗe da abin da za a rufe da shi da inda ba a so komai ya danne.

Akwai inda ta yi gaggawa. Ganin abin ya karɓu sai ta ɗinka wasu ta ajiye a kan ƙarami da matsakaici da babba, ta zaci za a zo a ɗauka. Yawancinsu sun zauna, domin wannan na hagu ne wancan na dama, wannan a kwance yake wuni wancan a zaune, wani shi ke saka wa kansa wani sai an saka masa kuma shi buɗaɗɗen baya ya fi masa. Wato ta koma yin abin da kamfani ke yi ta bar abin da ya sa ake nemanta. Abin da ya fi tafiya a ƙarshe ma shi ne gyaran kayan da mutum yake da su, a tsaga gefen wando a sa zif, a buɗe riga a sa manne, saboda gidan da ke da mara lafiya kuɗin magani ya riga ya cinye su, kuma shi mara lafiyar ya fi son kayansa da ya saba. Iyakar gyara ita ce ba ya iya ƙara tsawon baya yadda ya kamata sai an yi ƙari da wani yadi, kuma ƙarin ɗinki ne a wurin da ba a son ɗinki, don haka mai wuni a keke takan ba shi shawara ya yi sabon wando, riguna ne a gyara.

Akwai kuma abin da take ƙin karɓa. An taɓa kawo mata maganar safa mai matse ƙafa don kumburi da ɗamarar riƙe baya, ta ce a'a, waɗannan matsinsu a kan awo na asibiti yake, idan ya yi yawa zai tare jini, ba abin da ake kintata da keke ba ne. Sannan kwastomomin wannan layi ba sa dawwama, wasu su warke su koma kayansu, wasu Allah ya yi musu rasuwa, kuma tela da ya shiga gida ya saba da mutum abin yana taɓa shi. Shi ya sa ba ta bar ɗinkinta na asali ba, ta ware wa wannan kwana biyu a mako, ɗaya na zuwa awo da gwaji ɗaya na yanka da ɗinki, a watannin da aiki ya yi sanyi kuma sai ta ƙara kwanakin ta yi wa tsofaffin kwastomomi waya ta ji ko mannen ya fara saki ko awo ya canza.